Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Rubuta wa Babban Kanti Takarda Har Su Karɓi Kauɗata?

TAMBAYA

 Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina noman rani a yankin Kura da ke Jihar Kano. Duk shekara idan tumatir ya yi kaka sai farashi ya faɗi, wani lokaci kuɗin kwandon da na mota ma ba sa fita. Saboda haka bana na gina rumfar shanya mai raga da rufin leda, na daina shanya a ƙasa. Na busar da kwando 40 na tumatir, na sami kauɗa kilo 120. Ina kuma da busasshiyar kuɓewa kilo 40, da ɗan zogale, da kuka, da tattasai. Na sayi leda mai kyau da na'urar liƙe baki, na kuma yi rajistar sunan kasuwancina a hukumar CAC.

Na rubuta takarda shafi biyu zuwa wani babban kanti a cikin birni. Na ba su labarin yadda na gaji noma a wajen mahaifina, da asarar da manoma ke yi, na roƙe su su tallafa wa matashi mai neman na kansa. Na bar ta a wajen mai karɓar kuɗi. Yau wata guda ke nan ba amsa. Don Allah a ina na yi kuskure, kuma yaya ake rubuta irin wannan takarda?

Daga wani manomi, Kura, Jihar Kano

AMSA

 Allah Ya sa albarka a wannan nema. Ɗaga shanya daga ƙasa zuwa raga da ka yi shi ne rabin aikin, kuma za mu sa shi ya yi maka aiki a cikin takardar. Amma bari mu fara da wanda za ka rubuta wa, domin a can matsalar takardarka ta farko take.

A babban kanti akwai mutumin da aikinsa ke nan sayen kaya, wasu wuraren a ce masa manajan saye, a ƙananan kantuna kuwa manajan kanti ne ko mai kantin da kansa. Wannan mutumi yawanci ba da kuɗinsa yake saye ba, kuma akwai mai tambayarsa. Kowane taku ɗaya na kanta yana da abin da ake jiran ya kawo a ƙarshen wata, domin daga nan ake biyan haya, da man janareta, da albashi. Idan zai ajiye kauɗarka, sai ya matsar da wani kaya da ya riga ya san yadda yake tafiya. Don haka yayin da yake karanta takardarka, tambayoyi huɗu ne a ransa: kayan nan za su jawo mini magana da hukuma ko da masu saye? Nawa zan samu a kowace leda? Idan sun ƙare, za a sake kawowa a kan lokaci? Idan kuma ba su tafi ba, wa zai ɗauki asara?

Takardarka ta farko ba ta amsa ko ɗaya daga ciki ba. Labarin gado da asarar manoma gaskiya ne, amma ba abin da zai kai gaban maigidansa ba ne. Roƙon tallafi kuwa yana iya sa shi ya ji tausayinka, sai dai tausayi ba ya buɗe kanta. Takardar da ake so ita ce mai amsa waɗannan tambayoyi huɗu a shafi guda, da alƙaluman da za ka iya tsayawa a kansu. Ma'ana, yawancin aikin takardar ana yin sa ne kafin a ɗauki biro.

Abin da ya kamata ya kasance a hannunka tukuna

Ka ambaci rajistar CAC, amma ba ka ambaci NAFDAC ba. Rajistar CAC tana nuna sunan kasuwancinka na nan a hukumance. Ba ta cewa komai game da abincin da ke cikin ledar. A Najeriya, abincin da aka sarrafa aka rufe a leda da suna a jiki don sayarwa, hukumar NAFDAC ce ke yi masa rajista, kuma kantin da ya san ciwon kansa lambar nan zai fara dubawa, domin idan jami'an hukumar suka zo dubawa, a kantarsa za su kwashe kayan. Ana neman rajistar ta shafin hukumar mai suna NAPAMS. Za su zo su ga wurin da kake wankewa da yankawa da ɗurawa, su ɗauki samfur su gwada, su duba takardar da kake liƙawa a jikin leda. Kowane kaya da lambarsa: lambar kauɗa ba ta rufe kuɓewa. Rajistar kuma tana da wa'adin shekara biyar kafin a sabunta.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kada ka shiga da kaya biyar lokaci guda. Ka zaɓi biyu, kauɗa da kuɓewa, waɗanda kake da su da yawa kuma daga gonarka suka fito. Zogale da kuka da tattasai su jira. Kuma ina roƙonka, kada ka ari lambar wani ka buga a ledarka, komai kusancinku. Ranar da aka gano, ba kantin nan kaɗai za ka rasa ba.

Takardar jikin leda ta ƙunshi sunan kayan, abin da ke ciki, nauyi da giram, sunanka na kasuwanci da adireshin wurin sarrafawa, lambar rukunin da aka ɗura tare, ranar ɗurawa, ranar da wa'adi zai cika, yadda za a ajiye, da lambar NAFDAC. Sai kuma zanen layukan nan da na'urar mai karɓar kuɗi ke karantawa. Ƙungiyar GS1 Nigeria ce ke bayar da lambar, kuma lambobin da take bayarwa da 615 suke farawa. Wasu kantuna suna liƙa tasu lambar ta cikin gida a kan kayan ƙananan masu kawo kaya, don haka ka tambaya kafin ka kashe kuɗi a kai.

Ka gwada kayanka kamar yadda zai gwada su

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga tumatir a shanye a gefen titi, ƙurar mota na sauka a kai. Wannan hoton ne ke zuwa wa manajan saye idan ya ji kalmar kauɗa, shi da matar da za ta ɗauki ledar. Abin da suke tsoro uku ne: yashi, fumfuna, da ƙwari. Dukansu kana iya gwada su a gida.

Na yashi mai sauƙi ne. Ɗebi tafi guda ka jiƙa a kofin gilashi da ruwan ɗumi na minti 20, ka motsa, ka tsame, ka bar ruwan ya kwanta. Idan akwai ƙasa za ka gan ta a gindin kofin. Ka yi wannan ga kowane rukuni. Idan kofin ya fito tas, kana da abin da za ka rubuta a takarda, har ka gayyace shi ya gwada da kansa.

Na danshi kuwa, ka cika kwalbar gilashi mai murfi har kashi biyu cikin uku, ka rufe, ka riƙa girgiza ta kullum tsawon mako guda. Idan ka ga raɓa a jikin kwalbar daga ciki, ko yankakken tumatir na manne wa juna, bai gama bushewa ba, ka mayar da shi raga. Kuɓewa da ta bushe sosai karyewa take yi ƙas idan ka lanƙwasa ta. Kauɗa kuma bai kamata ta nuna laima ba idan ka matse ta da yatsu. Abin da ake nema shi ne danshin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Hatsarin shi ne, kayan da suka ga kamar sun bushe da hunturu, idan ledar siririya ce irin ta ƙullin sukari, danshin iska yana ratsa ta da damina, kauɗa ta yi laushi ta yi baƙi, daga nan fumfuna ta kama. Shi ya sa leda mai kauri mai ninki biyu ko uku, wadda ke tsayuwa da gindinta a kanta, ta cancanci kuɗinta. Bayan liƙewa, ka matsa ledar da hannu. Idan iska na fita, bakin bai kama ba.

Game da ƙwari, kada maganin feshi ko na ajiyar hatsi ya kusanci wannan kaya ko kaɗan. Idan kana da firiza mai samun wuta, sanya ledojin da aka riga aka liƙe a ciki tsawon mako guda yana kashe ƙwan ƙwari. Idan ka fito da su, kada ka buɗe, ka bar su su huce su bushe daga waje kafin ka jera a katan.

Wa'adin da za ka buga kuwa, kada ka kwafo shi daga ledar wani. Ka ware leda goma daga kowane rukuni, ka riƙa buɗe ɗaya duk wata kana duba launi da ƙamshi. Kauɗa tana duhu da tsawon ajiya ko da ba ta lalace ba, kuma mai saye da ido yake fara ciniki.

Lissafin kuɗi

Nan ne matasa da yawa ke faɗuwa bayan an ce musu to. Bari mu yi lissafi da naka kayan. Farashin da zan sa misali ne kawai, ka maye gurbinsu da abin da ka kashe.

Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, shi ya sa kimanin kilo 15 ke ba da kilo ɗaya na kauɗa. Naka ya yi daidai da haka: kwando 40 ya ba ka kilo 120, wato kilo 3 a kwando, leda 30 ke nan masu giram 100. A ce ranar da ka yanka ana sayar da kwando naira 10,000 a Kwanar Gafan. Ko da yake daga gonarka ya fito, sai ka lissafa shi da wannan kuɗi, domin shi ne abin da ka bari don ka shanya. Tumatirin da ke cikin kowace leda ya tashi kusan naira 335. Leda da takardar jiki, a ce 120. Ladan masu wanki da yanka da ɗurawa, 100. Katan da kuɗin mota zuwa birni, 60. Rabon kuɗin rumfa da na rajista da za ka riƙa cirewa a hankali, 50. Abin da za ka ware saboda ledar da ta fashe ko aka dawo da ita, 35. Jimla naira 700. Idan ka ɗora ribar 200, za ka ba kanti a kan 900, katan mai leda 24 ya tashi naira 21,600. Su kuma su sayar a 1,200, su sami 300 a kowace leda.

Ka kula da wani abu da ke rikita mutane a teburin ciniki. Wannan naira 300 kashi 33 ce cikin 100 idan an auna ta da 900 da suka saya, amma kashi 25 ce idan an auna ta da 1,200 da suka sayar. Idan manaja ya ce maka yana son kashi 30, ka tambaye shi cikin ladabi: a kan kuɗin saye ko a kan kuɗin sayarwa? Idan ɗorawa zai yi a kan kuɗin saye, kuma ledar za ta tsaya a 1,200, naka kusan 923 ne. Idan kuwa daga kuɗin sayarwa zai cire, nasa 360, naka 840, ribarka ta sauko daga 200 zuwa 140. Kalma ɗaya ce, amma bambancinta ya haura naira 80 a kowace leda. Ka san iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba tun daga gida.

Sai lissafin yawa. Kilo 120 leda 1,200 ne, katan 50. Ka ware biyu don samfur da musanya, saura 48. Tumatir ɗanye yakan yi ƙaranci ya yi tsada daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina, kuma a lokacin ne kauɗa ke da daraja. Idan ka raba katan 48 a wata shida, katan 8 ke nan a wata. Wannan adadin za ka rubuta, ba "duk yawan da kuke so" ba. Alƙawari kaya ne. Manaja ya fi son mai katan 8 da ke zuwa duk wata a kan mai alƙawarin 50 da zai ɓace bayan kai na biyu, domin kanta da aka bari fayau laifinsa ce a wajen maigida.

Ga yadda takardar za ta kasance

Yawancin manyan kantuna da Turanci suke ajiye takardunsu, don haka mai yiwuwa sai an juya ta. Amma ka fara tsara ta da harshen da kake tunani da shi, sannan wanda ya iya ya juya maka ba tare da ya ƙara mata ado ba. A buga ta da na'ura, sunan kasuwancinka da adireshi da lambar waya a sama.

(Kwanan wata)

Zuwa ga Manajan Saye,
(Sunansa da sunan kanti)

NEMAN GWAJIN MAKO HUƊU: KAUƊAR TUMATIR DA BUSASSHIYAR KUƁEWA, GIRAM 100

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ni manomi ne a Kura, kuma ina sarrafa busassun kayan miya da sunan (sunan kasuwanci). Na ziyarci kantinku ranar (kwanan wata), na ga kuna da garin yaji da daddawa da citta a ɓangaren kayan miya, amma ban ga kauɗar tumatir ko kuɓewa a rufaffiyar leda ba. Ina neman ku gwada waɗannan biyu tsawon mako huɗu.

Daga gonata kayan suke. Ana wanke su, a yanka, a shanya a kan raga cikin rumfa mai rufi, ba sa taɓa ƙasa. Ba gishiri, ba kala, ba maganin ajiya. Leda ɗaya ta kauɗa mai giram 100 tana daidai da kilo ɗaya da rabi na ɗanyen tumatir, kuma ba ta bukatar firiji.

Kauɗar tumatir: giram 100, leda 24 a katan, naira 900 kowace leda, naira 21,600 katan. Farashin da nake ba da shawara a kanta, naira 1,200. Lambar NAFDAC (lamba).

Busasshiyar kuɓewa: giram 100, leda 24 a katan, naira (adadi) kowace leda. Lambar NAFDAC (lamba).

Ina iya kawo katan 8 na kauɗa da katan 2 na kuɓewa kowane wata daga Afrilu zuwa Satumba, cikin kwana uku da kiran waya, kuma kuɗin mota a kaina yake.

Don gwaji, ina neman kawo katan 3 na kauɗa da katan 1 na kuɓewa. Ku biya abin da aka sayar kaɗai a ƙarshen mako na huɗu, abin da ya rage in kwashe. Duk ledar da ta fashe ko ta canza launi zan musanya ta nan take.

Na haɗo samfur uku-uku, da kwafin rajistar CAC da ta NAFDAC. Ina roƙon ku jiƙa ɗaya a kofin gilashi ku duba gindin kofin. Zan kira ranar Talata mai zuwa da ƙarfe 11 na safe don jin ra'ayinku.

Na gode.

(Suna, sa hannu, lambar waya)

Me ya sa aka tsara ta haka

Dubi kan takardar. Manaja mai tarin takardu a tebur yana iya karanta wannan layi kaɗai, don haka a cikinsa aka faɗi kayan, da nauyi, da abin da ake nema.

Sakin layi na farko yana nuna ka taka ka je kantin. Wannan ba ado ba ne, sai ka je da gaske. Ka tsaya a ɓangaren kayan miya, ka ga abin da ke akwai, girman ledoji, da farashinsu. Idan ka tarar suna da kauɗar wani, kada ka rubuta cewa babu, kuma kada ka kushe ta. Ka faɗi abin da ya bambanta taka: ƙaramar leda ce, ko farashi, ko cewa daga gona ɗaya take. Labarinka na manomi bai ɓace ba, ya taƙaita ne zuwa jimla ɗaya, kuma a nan ya fi ƙarfi, domin yana gaya masa ba dillali ba ne kai, ka san inda kowane tumatir ya fito.

Ka lura babu inda aka ce kayan suna maganin wata cuta, ko sun fi na kowa. Maganar magani a jikin abinci tana jawo matsala da hukuma, maganar fin kowa kuma kowa na faɗin ta. Maimakon haka an ba shi hujja biyu da zai iya tabbatarwa: kilo ɗaya da rabi a cikin giram 100, da gwajin kofi. Ta farkon ita ce amsar da zai ba wanda ya ce naira 1,200 ta yi yawa ga 'yar leda. Ka tabbata kuma abin da ka rubuta game da gishiri da maganin ajiya haka yake.

Katan 2 na kuɓewa ma daga lissafi ya fito. Kilo 40 leda 400 ne, katan 16 da 'yan kai, wanda ya ishe ka biyu a wata har da ragowa.

Sakin layin gwaji shi ne zuciyar takardar, domin shi ke amsa tambayar wa zai ɗauki asara. Ka ɗauke ta a kanka, amma ka yi mata iyaka: katan 3 na kauɗa naira 64,800 ne, kuɗin da ko sun maƙale ba za su karya ka ba. Sharaɗin a sayar a biya na gwaji ne kawai. Bayan ya wuce, ka nemi a koma biya cikin kwana 14, ko 30 idan ya zama dole. Ka san nauyin wannan tun yanzu: katan 8 a kan bashin wata guda yana nufin naira 172,800 naka suna hannun wasu, kuma a lokacin da kake neman kuɗin taki na noman damina. Idan ba za ka iya jure haka ba, ka rage yawan da kake kaiwa.

Jimlar ƙarshe kuma ta bar igiyar a hannunka. Ba ka ce kana jiran amsa ba, ka faɗi ranar da za ka kira. To, ka kira a ranar, a kan lokacin. Wannan shi ne alƙawari na farko da zai ga ko kana cikawa.

Yadda za ka kai ta, da abin da zai biyo baya

Mai karɓar kuɗi da ka ba takardar farko ba aikinsa ba ne, kuma mai yiwuwa ba ta taɓa isa inda ka nufa ba. Ka tambayi mai kula da ɓangaren abinci ko ma'aikacin sito sunan manajan saye da ranar da yake ganin masu kawo kaya. Ka je da safe a tsakiyar mako. Ka guji Juma'a da ƙarshen mako da jajibirin salla, lokacin da ba shi da sukunin sauraron kowa. Ka kai takardar da samfur tare, hannu da hannu, domin gani ya kori ji, kuma jan kauɗa mai tsabta a bayan leda zai yi maganar da shafi biyu ba su yi ba. Kada ka tsaya a kanti ɗaya. Ka kai wa uku ko huɗu, kowanne da tasa takardar, kuma ka fara da masu reshe ɗaya ko biyu, inda mai yanke shawara yake a cikin ginin. Kantuna masu rassa a garuruwa da yawa sukan yanke shawarar saye a hedikwata, su kuma nemi yawan da ya fi ƙarfinka a yanzu. Sai dai ka tuna katan 8 ɗin nan su ne duk abin da kake da shi a wata. Idan biyu suka amsa, rabawa za ka yi, ka gaya wa kowanne gaskiyar rabonsa.

Idan an karɓa, kada katan ya sauka ba takarda. Ka rubuta yawan kaya da farashi da lambar rukuni a kwafi biyu, mai sito ya sa hannu ya buga hatimi, ka riƙe ɗaya. Da wannan takarda ake biya, ba da sanayya ba. Sannan ka riƙa leƙawa duk mako kana ƙirga abin da ya rage. Leda 72 a mako huɗu, 18 ke nan a mako. Idan ka ga uku ko huɗu kawai ke fita, kafin ka zargi kayan ka duba inda aka ajiye su. Sau da yawa sabon kaya yakan ƙare a can ƙasa kusa da daɓe, ko a bar shi a sito ba a fito da shi ba, ko a manta da liƙa masa farashi. Ka roƙa a matso da su kusa da tumatirin gwangwani da kayan yaji, inda mai neman kayan miya ke tsayawa. Idan an gyara wurin kuma ba su motsa ba, to farashi ne ko girman leda, sai ka gwada mai giram 50.

Idan kuma aka ce a'a, ka yi tambaya ɗaya kafin ka tashi: me zan gyara in dawo? Amsar takan kasance takamaimai, ledar ce, ko farashi, ko wata takarda da ba ta cika ba. Ka rubuta ta.

Abu na ƙarshe, tunda ga alama ba ka da lambar NAFDAC tukuna: kada ka aika wannan takarda yanzu da gurbin lamba a buɗe. Ka fara neman rajistar kauɗa da kuɓewa a wannan makon. Kafin ta fito, kauɗar da ke hannunka kada ta zauna tana duhu. Masu dafa abincin biki da gidajen abinci suna saye da kilo, kuma idan biyu ko uku daga cikinsu suka zama masu saye a kai a kai, ka sami jimla ɗaya da za ka ƙara a takardar, da izininsu: wane ne ke saye, kilo nawa, tun yaushe. Ranar da lambar ta fito, ka gyara watanni da yawan katan su dace da abin da ya rage maka ko da shanyar baɗi, ka ɗauki takarda shafi guda da leda shida ka nufi birni. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa kasuwa ta yi albarka.